Shirun Ɗaki Ba Lafiya Ba Ne

A damunar 2022, shekarar da ambaliya ta ci garuruwa da gonaki a masarautar Haɗeja, na sayi wata 'yar na'ura fara wadda ba ta kai tafin hannuna ba. Mai sayar da ita ya ce in na jona ta a bango, sauro da kyankyaso da ɓera duk za su yi ƙaura daga gidana. Har yau tana nan a cikin akwatina. Ban jefar da ita ba ne don kada in manta da abin da sayenta ya kusa jawo mini.

Mu mutanen Malam Madori ba baƙin sauro ba ne. Garin ba a bakin kogi yake ba, amma da ruwa ya sauka sai kududdufai su cika, kowane rami da aka haƙa ƙasar gini ya zama tafki, sawun kofaton shanu ma ya riƙe ruwa. Kudu da mu kuma ga fadamun kogin Haɗeja da gonakin shinkafa. Sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro irin wannan ruwan yake so, wato ruwan sama mai ɗan tsabta da ya kwanta a rana. Idan akwai zafi, kwana 10 ko kusa da haka ya ishe shi ya tashi daga ƙwai ya zama mai cizo. Shi ya sa daga watan Agusta zuwa Oktoba, da an idar da sallar magariba, unguwa kan gauraye da warin maganin sauro na kunnawa, wannan mai naɗi kamar dodon koɗi da muke kira koyil.

A gidana ma haka abin yake. Muna da gidan sauro, amma ɗakin yara ƙarami ne, rufin kwano, taga ɗaya. Uwargida takan kunna koyil bayan isha'i, ta ajiye shi a gefen ƙofa, ta rufe taga don kada wani sauron ya shigo, shi ke nan sai asuba. Da safe sai a share farar tokar da ta zuba a zagaye. Ba wanda ya taɓa kawo komai a ransa, domin haka muka taso muka ga ana yi.

Sai 'yata mai shekara shida ta fara tari. Ba ta yin sa da rana. Sai dare ya raba ta farka da shi, busasshe, wani lokaci har da 'yar ƙara a ƙirji kamar ana hura usur daga nesa. Muka ba ta zuma, muka ba ta maganin tari na kwalba, abin ya ƙi. Da na kai ta asibiti, malamin da ya duba ta ya saurari ƙirjinta, sannan ya yi mini tambayar da ban zata ba.

"Malam, me kuke kunnawa a ɗakin da take kwana?"

Na ce koyil ne kawai. Ya tambaya ko taga a buɗe take kwana, na ce a'a. Ya ce in daina na mako biyu in gani.

Ina kan hanyar dawowa daga Haɗeja a wannan makon ne na tarar da mai na'urar yana talla. Maganarsa ta zo mini daidai inda ke yi mini ƙaiƙayi. Ba hayaƙi, ba wari, ba guba, wani sauti ne kawai da kunnen mutum ba ya ji amma ƙwari ba sa iya zama da shi. Kuɗinta zai iya saya mana koyil na wata biyu, amma na ce ai lafiyar yarinya ta fi. Na kawo ta gida ina jin kaina kamar wanda ya warware wata tsohuwar matsala. Na jona ta, wata 'yar shuɗiyar fitila ta kama.

Mahaifiyata, da muke zaune tare, ta leƙo ta daɗe tana kallonta.

"Yanzu wannan abin ne zai kori sauro? Ni ban ji yana cewa komai ba."

Na ce, "Inna, ai ba don kunnenki aka yi shi ba."

Ta ce, "To, Allah Ya sa sauron ya fi ni kunne."

Tari ya tsaya cikin kwana huɗu. Wannan nasarar ce ta ruɗe ni. Na ɗora ta a kan na'urar, alhali daina hayaƙi ne ya kawo ta. Da yaran suka fara kukan zafi a cikin gidan sauro, sai na ce a naɗe shi, tunda ga mai gadi a bango. Uwargida ta ce, "Baban yara, a bar shi mana ko don ƙaramin." Na ce ta daina tsoro. Ina shiga ɗakin da dare in tsaya in kasa kunne, ba na jin kukan sauro sosai, sai in koma in kwanta da kwanciyar hankali.

Kwana 13 bayan naɗe gidan sauron, yarinyar ta tashi da jiki kamar garwashi. Zuwa la'asar tana amai, ba ta riƙe ko ruwa. Aka soki yatsarta aka ɗiga jini a kan 'yar robar gwaji, kafin minti 20 layi biyu suka fito. Saboda aman, sai da aka kwantar da ita aka fara da allura, daga baya aka koma ƙwayoyi, safe da yamma na kwana uku. Ƙanenta mai shekara uku bai kwanta ba. Shi yana cikin yaran da ake bi gida-gida ana ba su maganin rigakafi kowane wata a lokacin damuna, wanda ake ba 'yan wata 3 zuwa wata 59. Ita ta wuce shekarun. Gidan sauron nan shi kaɗai ne katangarta, ni kuma da hannuna na sa aka naɗe shi.

A daren farko a asibiti na zauna a bakin gadonta ina lissafi. Ƙwayar cutar takan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu daga cizo kafin zazzaɓi ya bayyana. Ko ta ina na juya kwanakin, a kaina suke tsayawa. Na gudu daga gara na faɗa gidan zago.

Da Allah Ya ba ta lafiya muka dawo gida, sai na ƙudura in san abin da na saya. Abu na farko da na gani bai buƙaci karatu ba. Da asuba na haska bango da fitilar waya, sai ga sauro biyu a zaune, tazararsu da na'urar ba ta kai kamu ɗaya ba, cikinsu ja da jini. Gindinsu a ɗage yake sama, kansu a ƙasa, kamar ƙusa da aka kafa a karkace. Wannan ita ce zaman Anofilis, mai ɗauke da zazzaɓin. Ɗan'uwansa na kwata, wanda ya fi damun mu da kuka a kunne, a miƙe yake zama daidai da bango. Nan na gane wauta ta biyu da na yi. Ina auna lafiyar ɗaki da kunne, alhali mai kisan ba shi da yawan surutu, kuma ya fi aiki ne cikin dare bayan barci ya ɗauke kowa.

Na kama sauro goma a cikin robar ruwa da na yanke bakinta na ɗaure da ƙyallen tsohon gidan sauro. Na ajiye bakin robar dab da na'urar, na kunna, na kashe, na sake kunnawa. Ko motsi ba su canza ba. Da na kawo bayan hannuna kusa da ƙyallen, na'urar tana kunne, sai suka taso suka taru a wurin suna neman kafa baki. Inna tana tsaye tana kallo, ba ta ce komai ba, kuma da ta yi magana da ya fi mini sauƙi.

Daga baya na fahimci dalili. Sauti kaɗawar iska ce. Kunnen matashi mai lafiya yana jin kaɗawa har zuwa sau 20,000 a daƙiƙa ɗaya, abin da ya haura haka ba ma jin sa, kuma shi ne waɗannan na'urori ke cewa suna fitarwa. Hujjar da aka fi kafawa ita ce, macen sauro da ta riga ta haɗu da namiji tana gudun kukan fiffikensa, don haka in aka kwaikwayi kukan za ta tsere. To amma fiffiken sauro ɗaruruwa yake kaɗawa a daƙiƙa, ba dubbai goma-goma ba, shi ya sa ma muke jin kukansa. Da na'urar kukan namijin take yi, da Inna ta ji ta. Kuma macen da ke neman jini ba da kunne take farauta ba. Iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi take bi tun daga nesa, in ta matso ta bi warin fata da gumi, daga ƙarshe ɗumin jiki ya nuna mata inda za ta sauka. Ba ɗaya daga cikin ukun nan da sauti ke toshewa.

Ba robata kaɗai ta faɗi haka ba. A 2007 cibiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwajen lafiya ta tace su, ta duba gwaji 10 da aka yi a fili a kan irin waɗannan na'urori. A gwaje-gwajen ana ƙirga sauron da ya sauka a jikin mutum ne, na'ura a kunne da kuma a kashe. Ba a sami raguwa ba ko a ɗaya, kuma masu nazarin suka ce bai kamata a ba da shawarar amfani da su ba. Tun a 2001 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta aika wa fiye da kamfanoni da 'yan kasuwa 60 takardar gargaɗi cewa dole su kawo hujjar kimiyya a kan abin da suke rubutawa a kwali. Wannan hukuncin ya hau kan manhajojin waya masu cewa suna korar sauro da sauti, domin da'awar ɗaya ce, lasifikar waya ma ta fi rauni.

Ɓera fa? Shi kam yana jin irin wannan sautin, kuma yana iya razana a kwanakin farko. Amma da ya ga ba abin da ya same shi sai ya saba, ya koma kan buhun hatsinsa. Sautin kuma ba ya ratsa bango, ba ya zagaya bayan kujera ko buhu, wato ba ya isa inda ɓeran da kyankyason ke ɓuya. Ban ma yi maganar wutar lantarki ba, wadda a dare da yawa takan ɗauke ta bar mai gadin namu yana barci tare da mu.

Da na gama da na'urar sai na koma kan koyil, domin zuciyata ta fara raya mini cewa da ban bar shi ba da yarinyar ba ta kwanta ba. Na kunna guntu na kara robar a hayaƙinsa. Cikin 'yan mintoci sauron suka fara tangaɗi suna faɗowa. Shi dai ba yaudara ba ne. Wani ɗan kasuwa ne a Japan, Eiichiro Ueyama, ya fara yin sa daga garin wata fulawa mai kashe ƙwari, matarsa Yuki ta kawo shawarar a naɗe shi don ya daɗe yana ci, aka fara sayar da mai naɗin a 1902. Na yau yawanci sinadarai ne na masana'anta masu kwaikwayon na fulawar, irin su aletirin da tiransfulutirin. Zafin wuta yana tayar da su cikin iska, su rikita jijiyoyin sauro, ya kasa gano mutum, wani ya gudu, wani ya faɗi.

Sai dai maganin da ke cikin koyil bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa ba. Sauran duk makamashi ne: garin katako ko ɓawon kwakwa, da abin haɗe su, da rini. Su ne ke ci a hankali ba tare da harshen wuta ba na kusan awa takwas, kuma irin wannan cin na turnuƙu shi ya fi kowane fitar da hayaƙi mai datti. Duk macen da ta taɓa girki da ɗanyen ice ta san bambancin wutar da ta kama da wadda ke turnuƙewa.

A 2003 wasu masu bincike suka auna hayaƙin koyil iri-iri da aka yi a Sin da Malesiya. Suka gano cewa guda ɗaya yana fitar da ƙananan ɓurɓushin hayaƙi, irin waɗanda ke wuce hanci da maƙogwaro su sauka can cikin huhu, daidai nauyin na taba sigari 75 zuwa 137. Suka kuma sami fomaldihaid, sinadarin da ke cikin ruwan adana gawa, wanda a wani koyil ya kai na sigari 51. Shi ne mai sa ido yaji da maƙogwaro ƙaiƙayi, kuma hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa shi cikin abubuwan da ke haddasa cutar.

A nan ya kamata in yi adalci. Wannan lissafi na nauyin ɓurɓushi ne, ba yana nufin kwana ɗaya da koyil daidai yake da zuƙar sigari 100 ba, domin mai shan taba kai tsaye yake ja cikin huhu, kuma abin da ke cikin hayaƙin biyu ba iri ɗaya ba ne. Amma na ɗauki biro na raba 75 da 137 gida takwas. Kowace awa, hayaƙin sigari 9 zuwa 17 ke nan. Ɗakin yarana mita huɗu ne a tsawo, uku a faɗi. Na tambayi kaina: da wani baƙo zai zauna a bakin ƙofar ɗakin nan, taga a rufe, ya riƙa kunna sigari tara duk awa yana bari suna ci har asuba, yara biyu na barci, zan bar shi? Da sanda zan fitar da shi. Amma ni ne na riƙa sayo wannan baƙon da kuɗina.

Rufe tagar nan da muke yi shi ne babban kuskuren. A buɗaɗɗen wuri iska tana kwashe hayaƙi tana kawo sabuwa. A rufaffen ɗaki taruwa yake yi awa bayan awa, yaro kuma numfashinsa ya fi na babba sauri, hanyoyin iskarsa sun fi ƙanƙanta. Alamomin ba ɓoyayyu ba ne ga mai lura: tarin da ke zuwa da dare ya ɓace da rana, ƙara a ƙirji, jan ido, ciwon kai da safe, baƙin majina a hanci. Mai asma, da jariri, da tsoho mai ciwon ƙirji su ne kan gaba wajen shan wahala. Ga kuma wuta. Kan koyil garwashi ne, gidan sauro da katifar soso kuwa ba sa jiran gayyata.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, duk da wannan farashin, koyil bai da tabbacin da nake ba shi. Yana rage cizo, wannan haka ne. Amma da Cochrane ta duba gwaje-gwaje a 2018, ba ta sami hujja mai ƙarfi cewa yana rage kamuwa da zazzaɓin ba. Rage cizo daga ashirin zuwa biyar jin daɗi ne, amma cizo ɗaya ya isa ya kwantar da yaro. Kuma sauron yankinmu ya fara sabawa da dangin wannan maganin. Wani bincike da aka buga a 2014, wanda aka yi da sauron da aka ɗebo daga Auyo, nan maƙwabtanmu, da Bunkure a jihar Kano, ya nuna suna jure shi sosai. Gidan sauro mai magani kuwa, ko maganinsa ya rage kaifi, ragar tana nan tsakanin bakin sauro da fatar yaro, kuma gwaje-gwaje a Afirka sun nuna yana rage mutuwar ƙananan yara da kusan kashi 17 cikin ɗari. A ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ita ke ɗauke da kusan kashi 27 cikin ɗari na masu wannan zazzaɓi a duniya a 2022, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Ban daina sayen koyil ba, wurin aikinsa na canza. Yanzu na tsakar gida ne. Tsakanin magariba da lokacin kwanciya, sa'ad da muke cin tuwo ana hira, nakan kunna shi a kan 'yar ƙafarsa ta ƙarfe cikin tsohon kwano, a ƙasa, ta ɓangaren da iska ke fitowa, nesa da inda yara ke zaune. In sauro ya cika ɗaki, sai in kunna guntu a ciki ba kowa, in rufe na rabin awa, in kashe, in buɗe taga hayaƙin ya fita kafin kowa ya shiga. Tagar na sa mata waya mai ƙananan ido, da kuɗin da bai kai na na'urar ba, don haka a buɗe take kwana. Maganar zafi kuma, wadda ita ce asalin rigimar, mun warware ta yadda iyayenmu ke yi: in ba hadari, a tsakar gida ake ɗaura gidan sauron, a cusa gefensa ƙarƙashin tabarma ko katifa. Duk Juma'a Inna takan ɗaga shi a haske, inda ta ga huda ta ɗinke.

Kwanakin baya wani abokina ya nuna mini irin na'urar a wayarsa, an sake mata fasali, yanzu har da cajin rana. Ya ce zai saya wa matarsa da ta haihu. Ban yi masa dogon bayani ba. Na shiga ɗaki na buɗe akwati na ɗauko tawa, na haɗa masa da robar ruwa da guntun raga, na ce ya je ya kama sauro goma ya gwada, amma kafin nan kada ya kuskura ya taɓa gidan sauron mai jego.

Bayan kwana biyu ya dawo mini da ita. Inna tana zaune a tabarma tana jan carbi, ta dubi na'urar a hannunsa, ta dube ni.

"Har yanzu ba ta ce komai ba?"